Mai sharhi a gaban alƙali: yadda ake kafa da'awa a kan littafi a kare ta

Kwanakin baya wani ƙanena da ke karatun Hausa a jami'a ya kawo mini aikin da aka ba su in duba masa kafin ya miƙa. An ce su rubuta sharhi a kan Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya fito a 1934. Yaron ya yi ƙoƙari, shafi shida cur, rubutu tsaf. Ya ɗauko Umar tun daga Kagara, ya bi shi har Kano, ya tsallaka sahara da shi zuwa Misira, ya dawo da shi Rauta. Da na kai ƙarshe na ce, "To, ina sharhin?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Yaya, ai shi ne wannan gaba ɗaya."

Ban yi masa musu ba. Na ɗauki jan biro na ce ya zagaye mini duk inda ya rubuta "sai", ko "daga nan", ko "bayan haka". Kafin ya gama shafin farko takardar ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta. Sannan na ce ya nemo mini "saboda", ko "amma", ko "wannan ya nuna". Ya yi ta lalube, da ƙyar ya samo biyu, su ma a sakin layi na ƙarshe inda ya ce littafin yana koyar da haƙuri.

Wannan gwaji na jan biro shi ne hanya mafi sauƙi da na sani ta gane cutar. Kalmomin rukuni na farko na mai ba da labari ne, suna jera abubuwa bisa lokacin da suka faru. Na rukuni na biyu na mai kafa hujja ne, suna ɗaure magana da dalilinta. Rubutun da "sai" ta mamaye, ko an sa masa suna sharhi, taƙaita labari ne. Akwai alama ta biyu da ke tafiya tare da ita: idan sakin layinka na farko yana kan babin farko, na biyu yana kan babi na biyu, haka har ƙarshe, to littafin ne ke jan ka, ba kai ke jan maganar ba.

Ni a wurina mai sharhi kamar mai ƙara ne a gaban alƙali. Wanda ya shigar da ƙara a kan gona ba ya tsayawa ya ba da tarihin ƙauyen tun daga kafuwarsa. Yakan faɗi da'awarsa cikin jimla ɗaya, cewa gonar nan tasa ce, sannan ya kira shaidu, kowane ya faɗi iyakar abin da ya shafi gonar ya koma ya zauna. Abubuwan da suka faru a cikin littafi su ne shaidun. Ba kowa ake kira ba, kuma ba a kiran su bisa wanda ya girmi wani. Ana kiran wanda maganarsa za ta ɗaga da'awa, a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Saboda haka aikin farko shi ne samun da'awar, kuma a nan yawancinmu ke tuntuɓe. Abin da ƙanena ya rubuta, cewa littafin yana koyar da haƙuri, ba ƙarya ba ne. Matsalarsa ita ce babu mai hankalin da zai musa, kuma za ka iya cire sunan littafin ka sa na wani ba tare da ka canja ko harafi ba. Ɗauki kowane littafin soyayya a kasuwa, ko kowane fim ɗin Hausa da aka wulaƙanta marainiya a cikinsa, jimlar za ta zauna daram. Maganar da ta dace da kowane littafi ba ta faɗi komai a kan wannan ba. Da'awa ta gaskiya ita ce wadda wani da ya karanta littafin da kyau zai iya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ban yarda ba," kuma a tilasta maka ka buɗe shafi ka nuna masa.

Kada a ɗauka wannan yana nufin a ƙirƙiro rigima. Da'awa ba daga son jayayya take fitowa ba, daga wani wuri take fitowa inda karatu ya tsaya maka a wuya. Na tambayi ƙanena ko akwai inda littafin ya dame shi. Ya yi shiru, can ya ce akwai abu ɗaya: shi ya ɗauka littafi ne da ke la'antar cinikin bayi, amma ya ga Makau, mijin da mahaifiyar Umar ta aura bayan rasuwar mahaifinsa, shi ma da shi ake zuwa harin kamo bayi, kuma littafin yana nuna shi a matsayin mutumin kirki. Ya ce bai sa wannan a takardar ba don yana tsoron ko shi ne bai fahimta ba. Na ce masa abin da ya jefar ɗin nan shi ne sharhin, shafi shidan kuwa hanyar zuwa gare shi ce kawai.

Bari mu bi wannan zare daki-daki, don a ga yadda damuwa ke rikiɗewa ta zama da'awa.

Da farko tambaya ce: me ya sa littafin bai ga laifin Makau ba? Idan ka koma wurin, za ka ga zaluncin da aka haska a wannan ɓangare shi ne sharrin da abokan zamansa na fada suka ƙulla masa, cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, har aka kore shi daga gari. Tausayin mai karatu yana tafiya wurin Makau da aka yi wa ƙazafi. Mutanen da aka kamo kuwa lissafi ne kawai a cikin rigimar, nawa aka kamo, nawa aka kawo. Shaida ɗaya ke nan, kuma shaida ɗaya ba ta tsayar da ƙara. Sai ka nemi ko akwai wani wuri da aka yi irin wannan.

Akwai. Abdulkarim, Balaraben da Umar ya faɗa hannunsa a Kano, fataucin bayi ne ya kawo shi. Duk da haka shi ne ya riƙe yaron kamar ɗa, ya kai shi Misira, ya sa shi karatu har ya zama malamin da ake ji da shi. Shaida ta biyu. Sannan ka juya ka duba wanda littafin ya baƙanta da gaske: Ado, wanda mahaifiyar Umar ta amince masa a kan zai kai ta wurin ɗanta, ya juya ya mayar da ita baiwa. To mene ne ya raba Ado da Abdulkarim? Ba sana'a ba ce, dukansu sun taɓa cinikin mutane. Abin da ya raba su amana ce, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ci.

Yanzu da'awa ta fito, kuma ana iya rubuta ta cikin jimla ɗaya: wannan littafi yana auna mutane da ma'aunin amana, ba da ma'aunin ko sun shiga cinikin bayi ba. Duba bambancinta da maganar haƙuri. Ba za ka iya ɗora ta a kan wani littafi ba. Wani zai iya musa ta. Kuma ita da kanta ta gaya maka shaidun da za ka kira: Makau, Abdulkarim, Ado. Sace Umar yana ƙarami, da mutanen da suka tsince shi, da guguwar rairayi da ta afka wa ayari a hanyar dawowa, duk suna cikin littafin, duk suna da daɗin karatu, amma a wannan ƙara ba su da ta cewa. A bar su a waje. Wannan ne abin da ya fi yi wa sabon mai sharhi zafi, domin yana ganin in bai ambaci abu ba za a ce bai karanta ba. Ai zaɓen da ya yi shi ne shaidar ya karanta. Wanda ya leƙa littafi sama-sama zai iya jero abin da ya faru, amma ba zai iya gane cewa Makau da Ado suna amsa tambaya ɗaya ba.

Lura kuma da yadda tsarin rubutun ya canja. Ado yana zuwa ne can gaba a labarin, amma babu abin da zai hana ka buɗe sharhinka da shi, ka ajiye shi kusa da Abdulkarim don bambancin ya fito fili, sannan ka koma baya ka ɗauko Makau a matsayin wanda ya tabbatar da abin tun farkon littafi. Ƙarfin hujja ne ke tsara sakin layi, ba lambar shafi ba.

Ko a cikin jimla guda ana ganin wannan canji. Ga yadda ƙanena ya rubuta: "Sai abokan Makau suka je suka gaya wa sarki ya ɓoye bayi, sai sarki ya kore shi." Ga kuma yadda muka gyara: "Marubucin ya tsayar da mu a gefen Makau a duk tsawon wannan rigima, har mai karatu ya manta cewa abin da ake jayayya a kansa mutane ne da aka rabo da gidajensu." Abin da ya faru ɗaya ne a jimlolin biyu, kuma wanda bai san labarin ba zai fahimci isasshe daga ta biyun. Amma a ta farko masu aikatawa su ne taurarin labarin, a ta biyu mai aikatawa shi ne marubuci. Wannan ƙaramin juyi yana tuna maka cewa babu abin da ya faru da kansa a cikin ƙagaggen labari. Wani ne ya zaɓi ya nuna wannan ya ɓoye wancan, ya daɗe a nan ya yi sauri a can, kuma zaɓin nasa ne kake yi wa hukunci. Duk lokacin da na ga rubutuna ya fara gangarawa zuwa ba da labari, nakan tilasta wa kaina in fara jimla ta gaba da "marubucin ya", in ga abin da zai biyo baya.

Sai dai ƙara ba ta ƙarewa da shaidun mai ƙara. Akwai wanda ake ƙara, kuma mai sharhin da bai ba shi bakin magana ba, mai karatu zai ba shi a zuciyarsa. A nan musun yana da ƙarfi ƙwarai. Wani zai ce: ka manta da uwar? Mace 'yantacciya ta bar gida tana neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta ƙare a Tarabulus cikin wahala, ta ga ɗan nata ke nan rai ya yi halinsa. Wane mai karatu ne zai rufe wannan ɓangare yana ganin bauta ba komai ba ce? Ashe ba wannan ne la'antar ba, ko da marubucin bai furta ta da baki ba?

Hanya biyu ce marar kyau a nan. Ɗaya ita ce ka yi kamar ba ka ga uwar ba. Ɗaya kuma ita ce ka tsorata ka janye, ka rufe da cewa kowa da fahimtarsa. Ta farko rashin gaskiya ce, ta biyu kuwa ɓata wa mai karatu lokaci ne, ka ja shi shafi uku sannan ka ce ba ka da matsaya. Abin da ya kamata shi ne ka bar musun ya gyara da'awarka. Mun zauna da ƙanena muka sake dubawa, muka ga abu biyu. Na farko, ko a labarin uwar, ƙofar da bala'in ya shigo ta ita ce cin amanar Ado, wato ma'aunin bai canja ba. Na biyu, wanda ke ba da labarin duka shi ne Umar da kansa, dattijo, malami, zaune a Rauta cikin almajiransa, mutumin da hanyar bauta ta kai shi ga ilimi da daraja. Muryarsa a natse take, ta wanda ya karɓi ƙaddara. Amma abin da ya sami mahaifiyarsa ya fi ƙarfin wannan natsuwa, yana ɓullowa ta ƙarƙashinta. Sai da'awar ta zama haka: mai ba da labarin yana hukunta cin amana ne kawai, amma labarin uwar yana tuhumar tsarin gaba ɗaya, kuma ƙarfin littafin yana cikin wannan rashin jituwa da ba a sasanta ba. Wannan ta fi ta farko daidai, ta kuma fi ta wahalar rushewa, kuma musun ne ya haife ta.

Akwai shaidar da ake ɗaukowa daga wajen littafi, ita ma tana da ƙa'ida. Littafin ya fito ne daga gasar ƙagaggun labarai da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya. A lokacin Turawa sun hana hari da cinikin bayi tun farkon zuwansu, amma bautar kanta ba a soke ta baki ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Wato an rubuta shi ne a cikin al'ummar da har lokacin akwai bayi da iyayengiji a raye, wasunsu a gida ɗaya. Wannan bayani yana da amfani domin yana sa a fahimci dalilin da muryar Umar ba ta yi kama da ta mai zanga-zanga ba. Jimla biyu sun ishe shi. Abin da ba shi da amfani shi ne shafi guda a kan yadda marubucin ya zama Firayim Minista daga baya. Lokacin da ya rubuta littafin saurayi ne malamin makaranta ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma abin da ya zama bayan shekara ashirin ba zai iya zama hujja a kan abin da ke cikin shafukan ba. Tarihin marubuci, in bai taɓa da'awa ba, wani nau'in maimaicin labari ne, an dai canja wanda ake ba da labarinsa.

To nawa ne ya halatta na taƙaita labari? Ba a rasa shi gaba ɗaya, tunda ba kowane mai karatu ne ya san littafin ba. Ni ma'aunina sakin layi ɗaya ne a kusa da farko, jimla huɗu ko biyar: wane ne, a ina, me yake nema, me ya tare masa hanya. A sharhi mai kalma dubu, in wannan ya wuce kalma ɗari da hamsin nakan fara zargin kaina. Sauran bayanan kuma su shigo a jikin hujjojin, kowanne a inda ake bukatarsa. Littafin da ya kai shekara casa'in ana karanta shi a makarantu babu laifi a faɗi ƙarshensa. Sabon littafi ko fim ɗin da bai daɗe da fita ba kuwa, faɗin ƙarshensa cin haƙƙin mai saye ne. In hujjarka ta rataya a kan ƙarshen, ka yi gargaɗi tukuna, ko ka yi magana a kan irin tasirin da ya yi ba tare da ka tona abin da ya faru ba.

Ina ganin wani ɓangare na laifin yana kan yadda muke amfani da awon da aka koya mana a aji: jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Kayan aiki ne masu kyau na feɗe littafi, amma an mayar da su kamar fam ɗin da ake cikewa. Ɗalibi ya sa kan magana "jigo", ya ba da labarin. Ya sa "warwarar jigo", ya sake ba da shi da tsawo. Ya sa "taurari", ya ba da shi karo na uku, mutum-mutum. A ƙarƙashin "salo" kuma ya ce marubucin ya yi amfani da Hausa mai sauƙi da karin magana. Gurabe huɗu sun cika, ba a ce komai ba. A misalinmu na sama duka huɗun sun yi aiki, amma a ƙarƙashin da'awa ɗaya: taurari uku ne shaidu, zaɓen a sa Umar ya ba da labari da bakinsa batun zubi ne, natsuwar muryarsa batun salo ne, kuma babu wanda ya bukaci kan magana nasa.

Sauran laifin na kunya ne, kuma wannan na fi jin sa a jikina. Duniyar marubutanmu ƙarama ce. Wanda za ka yi wa sharhi yau, gobe kuna zaune a taron ƙaddamar da littafi ɗaya, wataƙila ma ya girme ka. Ba da labarin littafinsa da ɗan yabo a ƙarshe mafaka ce, ba wanda zai riƙe ka da ita. Amma matsaya ba lalle ta zama suka ba. Da'awar da muka kafa a kan Shaihu Umar ba ta ce littafin ba shi da kyau, ta ma nuna inda ƙarfinsa yake. In kuma suka ce ta kama, abin da ke raba ta da cin mutunci shi ne shafi. "Ƙarshen bai gamsar ba" ra'ayi ne tsirara, marubuci zai iya ɗaukar sa a matsayin ƙiyayya. Amma in ka nuna cewa matsalar da aka gina tun babi na biyu an warware ta da wani baƙon da bai taɓa bayyana ba sai a shafukan ƙarshe, ka ba shi abin da zai buɗe ya duba, ya yarda ko ya kawo tasa hujjar. Sharaɗi guda shi ne ka auna littafi da abin da ya nufa. Wanda ya rubuta labarin barkwanci ba a tuhumarsa da rashin zurfin tarihi.

Ƙanena ya koma ya sake rubutawa, shafi shida suka dawo uku da rabi. Ya buɗe da Ado da Abdulkarim gefe da gefe, ya faɗi da'awarsa a ƙarshen sakin layi na farko, taƙaitawar ta zo a na biyu cikin jimla biyar, uwar ta sami shafi guda ita kaɗai. Da ya kawo na sake miƙa masa jan biron. Ya zagaye "sai" guda huɗu, duka a cikin sakin layin taƙaitawa. Abin da ya rage muna ja-in-ja a kai shi ne Abdulkarim: shi yanzu yana ganin marubucin da gangan ya yi shi mutumin kirki don ya ƙara tsananta abin da ya sami uwar, ni kuma ban ga isasshiyar shaidar gangancin a cikin littafin ba. Ya ce zai sake karanta ɓangaren Misira ya kawo mini shafi.